Kar ka raba da abin da zai iya zama sifili

Ɗalibin injiniya, kafin ka raba ɓangarorin lissafi, tsaya ka duba abin da za ka raba da shi.

Ɗauki dy/dx = 2xy. Ka kai y hagu, x dama: dy/y = 2x dx. Yi integration a ɓangarorin biyu, ka sami ln|y| = x² + C, wato y = Ae^(x²).

Amma da ka raba da y, ka ɗauka ba sifili ba ce. Alhali y = 0 ma amsa ce! A nan A = 0 ta dawo da ita. A dy/dx = y² kuwa, y = −1/(x + C) ba ta taɓa ba da sifili, sai ka rubuta y = 0 daban. Na sha asarar maki a nan.

Dabarar kai y hagu, x dama ba ta aiki a dy/dx = x + y, don ba ya rabuwa.