Yadda ake mayar da zanen netwok na takarda ya zama tsaftataccen zane da za a iya gyarawa a kwamfuta

Mafi yawan zanen netwok a kan takarda yake farawa, ko a farin allo lokacin da ake neman gano inda matsala take. Ga akwatuna, ga layuka sun sassarƙe, ga lambobi an cusa su a gefe. Wanda ya zana ya san abin da yake nufi a ranar, amma bayan wata uku shi ma sai ya tsaya yana juya takardar. Kuskuren da aka fi yi wajen mayar da irin wannan zane cikin kwamfuta shi ne a buɗe manhaja a fara kwaikwayon takardar layi bayan layi. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne tsohon ruɗanin nan, sai dai ya sha ado. Hanyar da ta fi ita ce ka fara ciro bayanin da ke cikin takardar, ka tabbatar da gaskiyarsa, sannan ka zana.

Zan yi misali da ƙaramin ofis mai rauta ɗaya, fayawol ɗaya, suwic uku, saba, firinta, na'urorin watsa waifai biyu da kwamfutoci 18. Manhajar da za mu yi aiki da ita draw.io ce, wadda ake buɗewa a app.diagrams.net ko a sauke ta a kwamfuta a yi aiki ba intanet.

Mataki na farko: ɗauki hoton takardar, ka ba kowace na'ura suna

Ka shimfiɗa takardar a wuri mai haske, ka ɗauki hotonta daga sama sak, kada inuwar hannunka ta faɗa a kai. Daga nan sai ka bi kowane akwati ka laƙaba masa gajeren suna: R1 ga rauta, FW1 ga fayawol, SW1, SW2 da SW3 ga suwic-suwic, SRV1 ga saba, PRN1 ga firinta, AP1 da AP2 ga na'urorin waifai. Idan na'urar tana da sunan da aka riga aka saita mata a ciki, shi za ka ɗauka. Kada ka ƙirƙiri sabo, don wanda zai nemi na'urar gobe sunan da ya gani a sikirin zai nema.

Mataki na biyu: rubuta jerin haɗi

A nan aikin yake, kuma nan ne mutane suke tsallakewa. Kowane layi a takardar kebul ne mai baki biyu, kuma kowane baki a wata kafa aka soke shi. Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta daga ina zuwa ina, da lambar kafa a kowane ɓangare, kana yi wa layin da ka gama alama da biro mai wani launi. A misalinmu jerin zai fara kamar haka:

```
FW1 LAN    -> SW1 Gi0/1
SW1 Gi0/23 -> SW2 Gi0/24
SW1 Gi0/24 -> SW3 ?
SW1 Gi0/10 -> SRV1
```

Idan an gama, haɗi tara ne: daga kamfanin intanet zuwa R1, R1 zuwa FW1, huɗun nan na sama, sai PRN1 da AP1 a kan SW2, da AP2 a kan SW3. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta. Duk inda takardar ba ta faɗi kafa ba, ko rubutun ya ƙi karantuwa, ka sa alamar tambaya. Kada ka cike gurbi da zato. Zanen da ya fito tas mutane gaskata shi suke yi, don haka ƙarya a cikinsa ta fi ƙarya a takarda mai datti illa.

Mataki na uku: tambayi na'urorin da kansu

Takarda tana faɗin abin da mai zane ya tuna ne, na'ura kuwa tana faɗin abin da ke soke a jikinta yanzu. Idan suwic ɗin na Cisco ne, shiga ka buga:

```
show cdp neighbors
```

Zai kawo sunan kowace maƙwabciyar na'ura, da kafar da ke ɓangarenka a ƙarƙashin `Local Intrfce`, da ta ɗaya ɓangaren a ƙarƙashin `Port ID`. CDP, wato hanyar da na'urori ke sanar da maƙwabtansu ko su wane ne, na Cisco ne. Idan na'urorin na kamfanoni daban-daban ne, LLDP ake amfani da shi, umarninsa a Cisco kuma `show lldp neighbors` ne, bayan an shiga `configure terminal` an kunna shi da `lldp run`.

A ce mun buga umarnin a SW1, sai SW2 kaɗai ya bayyana, babu SW3. Muka shiga SW2, sai ga SW3 a kan Gi0/23. Ashe layin da ke takardar bai taso daga SW1 ba, ya gifta ta gefensa ne kawai. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A yadda takardar ta nuna, idan SW2 ya mutu, masu SW3 ba ruwansu. A zahiri kuwa da shi za su tafi. Sai mu gyara layi na uku ya koma SW2 Gi0/23 zuwa SW3 Gi0/24.

Wannan hanya tana da iyaka. Ƙaramin suwic marar saiti, irin wanda ake jefawa ƙarƙashin tebur, ba ya bayyana a waɗannan umarnai. Alamarsa ita ce ka buga `show mac address-table` ka ga adireshin MAC, wato lambar shaidar katin netwok na kowace na'ura, har biyar ko shida a kafar da ka zata kwamfuta ɗaya ce. Idan ka ga haka, tashi ka bi kebul da ƙafa.

Mataki na huɗu: shirya filin zane

Buɗe draw.io ka zaɓi `Blank Diagram`. A ƙasan hagu danna `More Shapes`, ka yi alama a `Network` ko `Cisco`. Ka tsaya a kan rukuni ɗaya, domin haɗa surori daga rukuni uku yana sa zane ya yi kama da kwashe-kwashe. Ni kaina sau da yawa akwati mai kusurwa huɗu da suna a ciki ya fi mini, don ya fi ɗaukar rubutu.

Jawo hoton takardar cikin filin, ka ture shi gefe. Buɗe `Layers` da Ctrl+Shift+L, ka ƙara sabuwar shimfiɗa ta zane, ka kulle wadda hoton yake kai don kada ka riƙa motsa shi bisa kuskure. Hoton na dubawa ne kawai, ba na bi a kai ba.

Mataki na biyar: jera na'urori daga sama zuwa ƙasa

Intanet a can sama, R1 a ƙarƙashinsa, sai FW1, sai SW1 a tsakiya, sauran suwic a ƙasa, na'urorin da mutane ke taɓawa a can ƙarshe. Tunda mun gano SW3 a jikin SW2 yake rataye, ƙarƙashinsa zai zauna, ba kafaɗa da kafaɗa ba. Kwamfutoci 18 ɗin nan kada ka zana su ɗai-ɗai. Akwati ɗaya ya isa ga kowane suwic, a rubuta misali “kwamfutoci 10, Gi0/1 zuwa Gi0/10”. Ka zaɓi surorin da ke sahu ɗaya ka daidaita su da `Arrange > Align` da `Distribute`, kuma ka bar fili tsakaninsu fiye da yadda kake ganin ya kamata. Lambobin kafa na nan tafe, za su cinye shi.

Mataki na shida: ɗaura layuka, ba ajiye su kusa ba

Abin da ya raba zanen da ake iya gyarawa da hoto kawai shi ne layi ya kasance a ɗaure da sura. Kai linzami kan R1, za ka ga ƙananan alamomi sun fito a gefensa. Jawo daga ɗaya zuwa FW1. Idan ka saki lokacin da duk kewayen surar ya yi shuɗi, bakin layin zai riƙa zagaya surar yana neman hanya mafi kusa duk lokacin da ka matsar da ita. Idan ka saki a kan ɗigo guda da ya yi kore, a nan zai kafe. Na farkon ya dace da na'ura mai kebul ɗaya ko biyu. Ga suwic mai layuka da yawa, na biyun ya fi, in ba haka ba layukan su taru a wuri guda su haɗe.

Gwajin ba wuya: ja kowace na'ura gefe, ka gani ko layukanta sun biyo ta, sannan ka mayar da Ctrl+Z. Layin da ya tsaya shi kaɗai a sarari ba a ɗaure yake ba.

A sashen `Style` na dama, cire kan kibiya, tunda kebul ba hanya ɗaya yake kai saƙo ba. Zaɓi `Orthogonal` don layuka su riƙa karyewa a kusurwa, ka danna `Set as Default Style` don na gaba su gaji wannan tsari. Inda dole layi biyu su gifta juna, sa `Line jumps` a kan `Arc`, ɗaya ya tsallake ɗaya. Da takardar tana da wannan, da ba a yi ruɗanin SW3 ba. Lambar kafa kuwa, danna sau biyu a kusa da bakin layin ka rubuta, rubutun zai zama na layin ya riƙa binsa. Idan a akwatin rubutu daban ka sa, za a bar shi a baya ranar da aka matsar da na'ura.

Mataki na bakwai: raba kebul da adireshi

A takarda komai a cakuɗe yake: kafofi, adireshin IP, lambobin VLAN. A kwamfuta ka raba su shafi biyu, da alamar ƙari da ke ƙasan filin. Shafin farko na kebul da kafofi ne. Na biyu ya nuna rabon netwok: VLAN 10 na ma'aikata a 192.168.10.0/24, VLAN 20 na baƙi a 192.168.20.0/24, da adireshin ƙofar fita na kowanne. Mai neman kebul ɗin da ya cire da mai neman dalilin da ya hana baƙo ganin firinta ba tambaya ɗaya suke yi ba.

Bayanai irin su samfurin na'ura da lambar jikinta, zaɓi surar ka danna Ctrl+M ka zuba su a `Edit Data`. Za su fito idan an ɗora linzami a kai, ba tare da sun cika ido ba. Kalmar sirri kam, ko a nan kada ka sa.

Mataki na takwas: ƙirga, ka adana

Ɗauko jerin nan ka ƙirga. Haɗi tara a jeri, layi tara a shafin farko, ban da na akwatunan kwamfutoci. Idan takwas ka samu, ka manta ɗaya. Idan goma ne, mai yiwuwa ka zana haɗi ɗaya sau biyu. A wata kusurwa ka rubuta ranar da aka tabbatar da zanen da ma'anar launuka, sannan ka goge shimfiɗar hoton, don nauyi kawai take ƙara wa fayil.

Adana ainihin aikin a matsayin `.drawio`, shi ne abin gyarawa. Na rabawa kuma ka fitar ta `File > Export as`, PDF ko PNG. Idan ka bar alama a `Include a copy of my diagram`, za a iya sake buɗe hoton PNG ɗin a draw.io a gyara shi. Sai dai bayanan da ka ɓoye da Ctrl+M suna tafiya tare da shi, don haka ka cire alamar idan fayil ɗin zai fita daga ofis. Kuma idan ka tura shi ta manhajar hira a matsayin hoto, takan matse shi ta zubar da kwafin da ke ciki, sai wanda ya karɓa ya buɗe ya tarar da hoto zalla. Tura shi a matsayin fayil.