Kafin a daka wa majinyaci ƙwayar magani, a duba kwali

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo a nan Jos ta zo kantin maganin da nake aiki, tana neman turmin daka ƙwayoyi. Mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, haɗiya ta gagare shi, kwana uku ke nan tana murƙushe magungunansa da cokali biyu tana zuba masa a kunu. Na ce, "Hajiya, kin zo da kwalayen?" Ta zazzage jaka. A ciki akwai Nifedipine LA 30 mg, maganin hawan jini na sha ɗaya a rana.

Na tambaye ta yadda Baba yake yi bayan ya sha. Ta ce ba ya rufa awa guda sai fuska ta ɗau zafi, ya kama kai, zuciya na dukan uku-uku, in an zaunar da shi jiri ya kwashe shi. Washegari da asuba kuwa, in an auna, jinin ya haye sama. Ita ta ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa.

Dakan ne. An ƙera wannan ƙwayar ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har awa 24. Da an farfasa ta, rabon yini guda sai ya shiga jini a lokaci ɗaya, jinin ya faɗi warwas, kafin gari ya waye kuma babu sauran magani a jiki. Ga wanda ya riga ya samu shanyewar ɓarin jiki, irin wannan faɗuwar na iya jawo wata shanyewar. Na ce ta kira likitansa a ranar. Ya canza masa zuwa amlodipine, wanda shi ma sau ɗaya ake sha, amma ana iya daka shi. Likita ne ya yi canjin, ba ni ba, ba ita ba, domin adadin wannan ba shi ne adadin wancan ba.

To yaya ake gane ƙwayoyin da ke sakin magani a hankali, waɗanda ba a dakawa? Haruffan da ke bin sunan magani su ne shaida: SR, XR, XL, ER, CR, MR, LA, ko kalmar Retard ko Chrono. Waɗanda na fi gani a hannun mutanenmu su ne Metformin XR da Gliclazide MR na masu ciwon suga, Diclofenac SR na ciwon gaɓoɓi, da Carbamazepine CR da Epilim Chrono na masu farfaɗiya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Tramadol SR da Morphine SR, don in aka daka su suna iya sa barci mai nauyi har numfashi ya tsaya. Haka nan mai alamar EC, shi ma ba a dakawa, ko da yake dalilinsa daban ne: rufin da ke jikinsa yana hana shi narkewa ne sai ya wuce tumbi.

Matsalar ita ce, sau da yawa ana ba mutum ƙwayoyi tsirara a 'yar leda, an ja layi biyu da biro, babu suna. Wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai. In haka aka ba ka, kada ka daka, koma wurin mai ba da maganin ya rubuta cikakken sunan. Kuma tsagin da ke tsakiyar ƙwaya ba izinin daka ba ne. Akwai masu sakin magani a hankali da ake iya rabawa biyu, amma kowane rabi haɗiye shi ake yi ɗungurungum.

Ko a waɗanda ya halatta a daka, Hajiya tana wani kuskuren: ta haɗe su duka ta juye a kofin kunu cike. In Baba ya sha rabi ya kau da kai, wa ya san nawa ya shiga? Kowace ƙwaya a daka ta ita kaɗai har ta zama gari, a cakuɗa a cokali ɗaya na abu mai kauri, a ba shi nan take yana zaune a miƙe, kuma kada a kwantar da shi sai bayan kamar rabin awa. Ruwa tsululu ya fi saurin ƙware irin waɗannan majinyata. Idan yana tari a kan kowace loma, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkurar ruwa a maƙogwaro, a dakata a nemi ma'aikacin lafiya, abin yana bin hanyar huhu ne.

Wanda aka sa wa robar abinci ta hanci kuwa, a narka garin sosai a ruwa, a wanke robar da ruwa kafin magani da bayansa da kuma tsakanin kowanne, gwargwadon yadda nas ta nuna. Kada a zuba magani cikin abincin robar, toshe ta yake yi.

Bayan mako guda Hajiya ta dawo sayen turmin. Ta ce jirin ya daina, sai dai Baba yana mita a kan ɗaci.