Yadda na gyara dusasshen rubutu a allon kwamfutata

Kwamfutar tafi-da-gidanka na sayo a kasuwar Farm Centre da ke Kano, allonta inci 14 ne mai 1920 x 1080. Wanda ya sa mini Windows ya ga rubutu ya yi ƙanana, sai ya sauke girman allon zuwa 1366 x 768. Haruffa sun yi girma kam, amma bakinsu duk ya baje, kafin la'asar idona ya fara yaji.

Nan matsalar take. Allon yana da ɗigon haske 1920 a kwance, in ka ba shi 1366 dole ya miƙe hoton ya cike gurbi. Na shiga Settings, System, Display, na mayar da Display resolution kan wanda aka rubuta wa Recommended. Sannan na kai Scale 150%, wato Windows ta zana komai babba da ainihin ɗigon allon. Na fita daga asusuna na sake shiga.

Daga nan na rubuta ClearType a Start, wato tsarin Windows na gyara fitowar rubutu, na bi shafukansa ina zaɓen rubutun da ya fi fitowa tas. Gyaransa kaɗan ne gaskiya, gefen haruffa kawai yake sulɓewa.

Wata tsohuwar manhajar lissafin shago ce ta ƙi, Windows na miƙe ta kamar hoto. A Properties ɗinta, ƙarƙashin Compatibility, na danna Change high DPI settings, na kunna Override high DPI scaling behavior, na zaɓi Application. Rubutunta ya fito sarai, sai dai maɓallanta sun ƙanƙance. Na haƙura da hakan, tunda lambobin nake son gani.