Yadda ake amfani da Cc da Bcc idan za ka tura wa mutanen waje da yawa imel ɗaya

Wata rana a ofishinmu aka ce in nemi farashin batiran sola guda takwas daga wurin dillalai huɗu. Na rubuta takarda guda, na jera adireshinsu duka a layin To, na tura. Kafin la'asar ɗaya daga cikinsu ya danna Reply all, wato amsa wa kowa da kowa, ya aiko da farashinsa, sai ga shi a akwatin sauran ukun. Washegari biyu suka turo nasu, kowanne ya rage 'yan nairori kaɗan daga na mutumin farko, na huɗun kuwa ya kira ni yana tambayar dalilin da ya sa na raba adireshinsa ga mutanen da bai sani ba. Dole aka soke neman aka sake sabo.

Layuka uku ne a saman kowane imel. To na wanda kake so ya yi wani abu ne. Cc na wanda kake so ya sani kawai, kamar kwafin rasit ɗin da takardar kabon ke fitarwa a ƙasa, kuma daga can ne ma sunan ya samo asali. Duk wanda ke To ko Cc, kowa yana ganin adireshinsa. Bcc kuwa ɓoyayyen kwafi ne: wanda ka saka a can zai samu saƙon, zai ga mutanen To da Cc, amma su ba za su gan shi ba, kuma 'yan Bcc ba sa ganin junansu.

Saboda haka matakin farko ba a kan allo yake ba. Ka ɗauki sunayen da za ka tura wa, ka tambayi kanka ko waɗannan mutanen sun san juna a wannan magana, kuma ko ya kamata su ga amsar juna. Idan mai gini ne da mai zanen gida da injiniyan da ke aiki ɗaya a filinka, a bar su a fili, domin kowa ya san an gaya wa ɗan'uwansa. Idan kuwa abokan gasa ne, ko iyayen yara, ko masu neman aiki, ko waɗanda ake bi bashi, to Bcc ne wurinsu. Adireshin imel bayanan mutum ne na kansa, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

Sai ka buɗe layin Bcc, domin yawanci a ɓoye yake. A Gmail na kwamfuta, Cc da Bcc suna gefen dama na layin To, ko ka danna Ctrl+Shift+B. A waya, ka taɓa ɗan kibiyar da ke ƙarshen layin To, za su sauko. A Outlook na kwamfuta ka duba ƙarƙashin Options, Bcc yana nan.

Ga yadda na tsara neman farashin a karo na biyu. A To na saka adireshin ofishinmu, wato na tura wa kaina. A Cc na saka akanta, tunda shi zai biya kuɗin kuma ba laifi dillalai su san da shi. Dillalan huɗu na zuba su a Bcc. Da wannan tsari, duk dillalin da ya danna Reply all, amsarsa ni da akanta kawai za ta samu, ba za ta kai ga sauran ukun ba, domin adireshinsu bai taɓa isa wayarsa ba balle ya mayar musu.

Bayan haka ka karanta jikin saƙon da idon baƙo. Ɓoye adireshi ba shi da amfani idan ka buɗe da "Alhaji wane da Hajiya wance". Gaisuwar jimla ta isa, ka bi ta da layi ɗaya na gaskiya: "Mun aika wannan takarda ga dillalai da dama, kowa ya turo farashinsa kai tsaye gare mu." Haka nan ka duba fayil ɗin da ka maƙala. Na taɓa ganin an ɓoye adireshi tsaf, sannan aka haɗa da jadawalin da ke ɗauke da sunayen kamfanonin da lambobin wayarsu. Idan kuma tsohon saƙo ka ɗauko da Forward, ka sauka ƙasa ka goge tsofaffin adireshin da ke biye da shi.

Akwai wani amfani da Bcc da ni ban yarda da shi ba, kuma nan ne aka fi jin kunya. Kana rubuta wa dillali takardar ƙorafi, shi yana To, sai ka saka maigidanka a Bcc don ya gani a asirce. Maigida ya buɗe a waya, bai lura cewa a ɓoye aka sako shi ba, ya danna Reply all ya rubuta, "Kada ka sake saye a wurin mutumin nan." Wannan amsa za ta tafi gare ka da kuma duk wanda ke To da Cc, har da dillalin. Bcc yana ɓoye mutum ne muddin ya yi shiru. Idan kana so maigida ya gani, ko dai ka saka shi a Cc kowa ya sani, ko ka tura saƙon tukuna, ka shiga Sent ka yi masa Forward shi kaɗai. Ko ya amsa, kai kaɗai za ka gani.

Adireshi ka bar su su zama abu na ƙarshe da za ka cika, bayan ka gama rubutu da maƙala fayil. Kana buga haruffan farko na suna, manhajar za ta kawo maka zaɓi, kuma idan Musa uku ne a wayarka, ba lalle ne na saman ya zama wanda kake nufi ba. A Gmail ka shiga Settings ka mayar da Undo Send, wato damar janye saƙo bayan ka tura, zuwa daƙiƙa 30, shi ne iyakarsa. Bayan wannan ɗan lokaci, saƙon da ya fita ya fita.

Idan ka tura, buɗe shi a Sent ka duba bayanin masu karɓa. Za ka ga jerin Bcc a can, kada hankalinka ya tashi, kai mai turawa ne kaɗai ke ganinsa. Wanda bai natsu ba ya gwada da adireshinsa biyu da na abokin aiki kafin ya taɓa na baƙi. Ranar da za ka aika tunatarwa kuma, kada ka ɗauka tsarin jiya yana nan. Ka sake duba layukan uku ɗaya bayan ɗaya.

Bcc yana da iyakarsa. Asusun Gmail na kyauta ba ya barin ka wuce masu karɓa 500 a rana, kuma saƙon da aka cusa wa adireshi barkatai a ɓoye yakan faɗa cikin Spam. Sannan da an fara ciniki, ka daina haɗa su. Da dillalan nan suka turo farashi, kowanne na buɗe masa zarensa daban: sunansa a To, akanta a Cc, layin Bcc babu kowa.