Darasi na Bakwai: Idan Fumfuna Ta Fito wa Burodi, Cuku ko Jam

Fumfuna ita ce abin nan mai kama da auduga, fari ko kore ko baƙi, da ke fitowa a jikin abinci idan ya daɗe a wuri mai ɗumi da laima. A nan Gombe an fi ganinta da damina, musamman a watan Agusta, lokacin da burodi yake gumi a cikin leda. Ku karanta darasin nan a hankali, wanda kuma ya gamu da kalmar da ta yi masa wuya ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne cewa tabon da ido ya gani ba shi ne dukan fumfunar ba. Fumfuna tana da saiwoyi sirara ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, suna kutsawa cikin abinci kamar yadda saiwar ciyawa take shiga ƙasa. Manomi ya san cewa idan ya yanke kan ciyawa, saiwar tana nan. A ƙasa mai taushi saiwa takan yi nisa, a ƙasa mai tauri kuwa ba ta samun hanya. Haka abin yake a abinci.

Burodi

Burodi yana da taushi, kuma cikinsa duk ƙananan ramuka ne, saboda haka saiwoyin sukan ratsa shi da sauri. Idan kun ga tabo ko da ɗaya ne, ku zubar da burodin duka. Na ce duka, har da yankan da ke can ƙarshen leda wanda yake fari fes.

A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Wani dattijo a ajinmu na yamma, wanda yake sayar da shayi, ya ce da ni: "Malam, ai tabon bai kai ƙwayar wake ba, na gutsure shi na gasa sauran." Na ce masa: "Baba, tabon ƙarami ne, amma saiwarsa ba ƙarama ba ce." Batun gashi kuwa, wuta tana iya kashe fumfuna, sai dai wasu irin fumfuna suna zuba guba a cikin abinci, kuma gashi ko dafuwa ba sa kawar da wannan guba. Irinta ce ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, wadda take lalata hanta a hankali. Ba kowace fumfuna ce mai guba ba, amma da ido ba a bambance su.

Mu sake maimaitawa: ba a gutsure burodi a ci sauran. Ba a gasa shi a ci, ba a tsoma shi a shayi, ba a ba yara. Na san kuɗin burodi ba wasa ba ne yanzu, kuma zubar da abinci yana da ciwo, amma kowace shekara sai na faɗi wannan, kuma sai an samu wanda ya koma gida ya gutsure. Don Allah ku daina. Kada kuma ku kai shi hanci ku shinshina, domin ƙurarsa tana shiga ƙirji, tana tayar wa mai asma ciwonsa. Ku ɗaure shi a leda ku jefa a shara inda kaji da awaki ba za su kai ba.

Cuku

A nan sai a duba tauri. Idan cuku mai tauri ne kuma dunƙulalle mai kauri, irin wanda ake sayarwa a manyan kantuna, ana iya yanke wurin a ci sauran. A auna santimita 2.5 daga bakin tabon, wato kimanin tsawon gaɓar ƙarshe ta babban yatsa, a yanke haka ta kowane gefe da kuma ta ƙarƙashinsa. Kada wuƙa ta taɓa tabon, domin idan ta taɓa za ta kai fumfunar wurin da ke da kyau. A naɗe sauran a sabuwar leda. Cuku mai fale-fale ba shi da kaurin da za a yanke haka, don haka a zubar. Cuku mai taushi da awara ma a zubar, domin suna da ruwa a jiki, kuma ƙwayoyin cuta sukan yaɗu a cikinsu tare da fumfunar.

Jam

Jam, wato abin zaƙi na 'ya'yan itace da ake shafa wa burodi, yana da taushi da ruwa. Kwashe saman da cokali ba ya isa, a zubar da abin da ke cikin kwalbar duka.

Aiki

Ku rubuta sunayen abinci uku masu taushi da kuke ajiyewa a gida.