Kurakuran da ake yi wajen rubuta muƙalar waiwaye kan tafiyar da aji mai cunkoso

Ɗaliban kwalejojin ilimi da suka dawo daga koyarwar gwaji sukan sami umarnin rubuta muƙala kan yadda ake tafiyar da aji mai cunkoso, bisa abin da suka gani da idonsu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai rubutu ya cika shafi da koke kan yawan yara da ƙarancin kujeru, har ya kawo cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a ƙare karatu ba a ga ko lamari ɗaya da ya auku a ajin ba. Mai duba muƙalar ya riga ya san da cunkoson, abin da yake nema shi ne abin da ya faru a wani darasi takamaimai.

A ɗauki misalin aji huɗu mai yara 110, a darasin lissafi na minti 35. Malama ta ba da aiki, ta zauna a teburinta tana maki, sai waɗanda suka gama suka yi layi suka tare allo, na baya da ke zaune a ƙasa kuma suka daina gani, suka shiga surutu da jifan juna da takarda.

A nan ne kuskure na biyu yake shigowa, wato haɗa abin da aka gani da hukunci. Idan aka rubuta cewa yaran baya ba su da tarbiyya, an rufe ƙofar bincike tun ba a fara ba. Ya kamata a fara faɗin abin da ya faru da lokacin da ya faru, sannan a nemi dalili. Ko da rabin minti ne ga kowane littafi, littattafai 110 suna buƙatar minti 55, wanda ya zarce darasin gaba ɗaya, saboda haka tsarin makin ne ya haifar da hayaniyar.

Da yawa kuma sukan ba da shawarar da ta fi ƙarfin malami, kamar a gina sababbin ajujuwa. Gaskiya ne ana buƙatarsu, amma muƙalar waiwaye tana tambayar abin da malami zai sauya gobe da safe. A wannan misali, za a iya cewa yara su yi musayar littattafai su yi wa juna maki daga amsoshin allo, malama na zagayawa, sannan ta karɓi littattafai 10 kullum, ta yadda cikin kwanakin karatu 11 ta duba na kowa. Dole a faɗi raunin dabarar ma, domin yara kan ɗaga wa abokansu ƙafa, kuma wanda bai iya karatu ba ba zai iya maki ba.

Sunayen yara da na malama kuwa ba a sa su, ya isa a ce wani yaro a layin baya.