Kyamarar ƙofar gida tana ɗaukewa da dare? Ku duba waya tukuna

Jama'a, in za ku ja wutar 12V zuwa nesa, ku sa waya mai kauri, ko ku matso da adafta kusa da na'urar.

Waya kanta tana cin wuta. Tsawo yana ƙara cin, siranta ma haka. Kuma sau biyu ake lissafin tsawon, don wuta zuwa take ta dawo.

A ce daga falo zuwa ƙofar gida mita 30 ne. Zuwa da dawowa, mita 60 ke nan.
Kyamara tana jan 1A da dare, in fitilunta na ganin duhu sun kama.
Wayar jan ƙarfe mai 0.5mm² za ta cinye kusan 2.1V, abin da zai isa bai cika 10V ba. Nan hoto zai fara rawa, ko kyamarar ta riƙa mutuwa tana tashi. Da rana kuwa lafiya lau, shi ya sa ake ɗora wa kyamarar laifi.
Da 1.5mm², asarar 0.7V ce kawai.

Ku auna da mitar gwaji a bakin kyamarar tana aiki, da dare. In an zare ta, 12V za ku gani, ko da wayar siririya ce.

In kun shiga kasuwar Sabon Gari, ku kankare bakin wayar. Fari a ciki alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ya fi cin wuta.

Amma kauri ba ya gyara adaftar da ta yi wa kyamarar kaɗan. In kuma nisan ya kai mita 100, ku sa mai wayarin ya kai soket can.